An ce ƙarfe huɗu na yamman Kaliforniya: a Kano ƙarfe nawa ke nan, kuma wane dare?

Zuwaira: Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da shan ruwa. Shawara nake nema don Allah. Ina karatun digiri na biyu ta intanet a wata jami'a da ke Kaliforniya, ni kuma ina zaune a Kano. Tun watan Janairu duk ranar Talata muna da darasi kai-tsaye ƙarfe huɗu na yammansu, wanda a nan yake kamawa ƙarfe ɗaya na dare. Na riga na saba, sha biyu da rabi nake tashi in wanke fuska. To yanzu an sa mana jarabawar ƙarshen zango, ga abin da malamin ya rubuta: `Thursday, March 12, 2026, 4:00 PM PST`. Awa biyu ce, da mai sa ido ta kyamara, kuma wanda ya yi lattin fiye da minti 15 ƙofa ta rufe. Lokacin bai dame ni ba tunda ƙarfe ɗaya ne kamar kullum. Damuwata ita ce ya faɗo a goman ƙarshe na azumi, masallacin layinmu ƙarfe ɗaya daidai suke ta da tahajjud, lasifikarsu kuma tagar ɗakina take kallo. Ga matsalar wuta. Yaya zan yi?

Abba Fanshekara: Wa alaikumus salam. Anti ai kin yi kuskuren lissafi ne. Tazarar awa tara ce, huɗu na yamma ki cire tara, bakwai na safe ke nan. Ki yi sahur ki yi asuba ki zauna abinki.

Zuwaira: Abba da haka ne da na yi sadaka. Wata biyu ina shiga ajin nan ƙarfe ɗaya na dare, ina ganin hasken rana ta tagar malamin. Su ne a bayanmu, ƙarawa ake yi ba cirewa ba.

Abba Fanshekara: Au, haka ne fa. Rana ta nan take fara bi kafin ta je can. Na janye.

Sani Mai Waya: Abu mai sauƙi. Ki buɗe agogon wayarki, wajen agogon ƙasashe, ki ƙara `Los Angeles`. Yanzu na gwada a tawa, ta nuna suna bayanmu da awa tara. Huɗu da tara sha uku, ƙarfe ɗayan dare. Lissafinki daidai ne, ki fuskanci maganar lasifika kawai.

Malam Nuhu: Zuwaira, ajiye maganar lasifika tukuna, akwai wadda ta fi ta girma. Ba ƙarfe ɗaya ba ce jarabawarki. Sha biyun dare ce.

Sani, abin da wayarka ta nuna gaskiya ne, amma na yau ne, 3 ga Maris. Yawancin jihohin Amurka, har da Kaliforniya, suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya a Lahadi ta biyu ta watan Maris, su dawo da shi a Lahadi ta farko ta Nuwamba. Tun 2007 wannan tsarin suke bi. Bana Lahadin ta kama 8 ga Maris, kwana huɗu kafin jarabawar. Ranar nan idan agogonsu ya kai ƙarfe biyu na dare sai ya tsallaka zuwa uku, mu a nan lokacin sha ɗaya na safe ne, muna harkokinmu ba abin da za mu ji. Mu Najeriya ba ma taɓa agogo, rani da damina muna gaban agogon duniya, wato `UTC`, da awa ɗaya. Su kuwa yanzu suna bayansa da awa takwas, daga ranar Lahadi za su koma bakwai. Takwas da ɗaya tara, shi ne abin da kika saba. Bakwai da ɗaya takwas, shi ne abin da zai kasance ranar 12. Huɗu na yamma a ƙara takwas, sha biyun dare cif.

Da kin bi sabonki kin tashi sha biyu da rabi kina wanke fuska, kin tarar an rufe ƙofa da minti 15.

Zuwaira: Innalillahi. Malam jikina har ya yi sanyi. Wallahi ban taɓa jin ana canza agogo ba, a Janairu na fara karatun.

Sani Mai Waya: Malam ban ƙi taka ba, amma duba rubutun da kyau. Ya ce `PST`. Na san wannan, `PST` na lokacin sanyi ne, `PDT` na lokacin zafi. Tunda malamin da kansa ya rubuta na sanyi, awa tara ke nan, ɗayan dare. Farfesa guda ba zai rubuta abin da bai sani ba.

Malam Nuhu: Ka kama wani abu na gaskiya, Sani. A ƙa'ida yadda ka faɗa haka haruffan suke, kuma idan aka bi su harafi da harafi, huɗun `PST` ɗayan daren Kano ne ko a wane wata. Sai dai mutanen can da yawa haka suke rubuta `PST` shekara gaba ɗaya, ya zame musu sunan lokacin yankinsu, kamar yadda muke ce wa duk mai kawo wuta Nepa alhali sunan ya daɗe da canzawa. Malamin nan ranar Alhamis agogon hannunsa zai duba, ya ga huɗu, ya buɗe jarabawa. Ba zai zauna jiran biyar ba don girmama harafi ɗaya. Kuma na'urar makarantar da ke buɗe tambayoyin agogon garinsu take bi, ita ma ranar Lahadi za ta tsallaka.

Amma ban ce ki dogara da maganata ba. Ki auna asarar kowane ɓangare. In kin shirya wa sha biyu ya zama ɗaya ne, kin yi zaman awa guda a banza. In kin shirya wa ɗaya ya zama sha biyu ne, zangon ya tafi.

Hajiya Rabi Kumasi: Ni ma akwai abin da nake so a fayyace mata, don ya taɓa cin ɗana. Sha biyun wane dare? Mu a nan Gana muna bayanku da awa ɗaya, to a wurinmu wannan jarabawar sha ɗaya ce ta daren Alhamis, ba rikici. Ku kuwa sha biyu ta buga, kwanan wata ya juya. A waya zai fito 13 ga wata, Juma'a. Yarona haka ya ga an rubuta masa Juma'a ƙarfe sha biyu, ya ɗauka daren da zai zo bayan an sauko daga masallaci ne. Ya kwana ɗaya a baya. Kuka har da majina, babba da shi.

Malam Nuhu: Hajiya Allah ya saka. A Hausa abin ma ya fi rikitarwa, domin idan mai addini ya ce daren Juma'a yana nufin daren da ake wayewa Juma'a, ɗan boko kuma yana iya nufin daren da ya biyo bayanta. Zuwaira, kar ki rubuta wa kanki sunan dare kwata-kwata. Rubuta haka a takarda ki manna a bango: ranar Alhamis 12 ga wata zan sha ruwa, in yi asham, ba zan kwana ba sai na yi jarabawa. Ƙararrawar waya kuma ki sa ta sha ɗaya na daren Alhamis, kar ki sa `12:00 AM`, nan ne mutane suke ɓacewa.

Usman Linux: Ga wanda yake son gani da idonsa, na buga wannan a kwamfutata:

```
TZ=Africa/Lagos date -d 'TZ="America/Los_Angeles" 2026-03-12 16:00'
```

Amsar da ta ba ni: `Fri Mar 13 00:00:00 WAT 2026`. Da na mayar da ranar 5 ga Maris sai ta ba ni `01:00:00`. Bambancin wannan da agogon waya shi ne nan ranar ka ba ta, ba yau ba. Duk shafin sauya lokaci da za ki yi amfani da shi, Anti, ki tabbata akwai gurbin sa kwanan wata, kuma sunan gari za ki zaɓa, ba haruffan nan uku ba. In kika zaɓi `PST` da hannunki amsar Sani zai ba ki.

Sani Mai Waya: To ka ga, ko na'ura ta san akwai amsata.

Usman Linux: Ta san akwai ta, ba ta ce ita ce ta malamin ba.

Zuwaira: Yanzu na shiga shafin makarantar. Canvas muke amfani da shi. A jikin jarabawar ya nuna `Mar 12 at 4pm`, bai sa haruffa ba sam. Wannan huɗun na wa ne?

Usman Linux: Nasu ne, don ba ki taɓa saitinki ba. Shiga `Account`, sai `Settings`, sai `Edit Settings`, ki nemi `Time Zone` ki zaɓi `West Central Africa`. Ki koma kan jarabawar. In ya nuna `Mar 13 at 12am`, magana ta ƙare, domin wannan ita ce na'urar da za ta buɗe miki ƙofar, ba imel ɗin malam ba.

Zuwaira: Na canza. Darasin Talata mai zuwa ya koma `Mar 11 at 12am`, na daren yau kuma yana nan ƙarfe ɗaya. Wato har ajin ma zai matsa! Ita jarabawar kuma ta nuna sha biyu, amma a ƙasa an rubuta cewa wannan sanarwa ce kawai, ainihin jarabawar a shafin kamfanin masu sa ido za a yi ta, kuma ba a buɗe mana wurin yin rajista ba tukuna.

Malam Nuhu: To saura wancan shafin. In an buɗe, abu na farko da za ki duba shi ne da agogon wa yake nuna lokaci, don wasu da na kwamfutarki suke nunawa, wasu da na makaranta. Kafin nan ki rubuta wa malamin yau. Kar ki tambaye shi wai `PST` ne ko `PDT`, zai iya amsa miki da "e, huɗu" ya wuce. Ki ce masa kina Najeriya, lissafinki ya nuna jarabawar za ta fara `23:00 UTC` ranar 12 ga Maris, ya tabbatar ko ya gyara. Tambayar da amsarta e ce ko a'a.

Bashir KL: Ni da na yi nawa da wata jami'a a Malesiya ban sha wannan wahalar ba, awa bakwai suke gabanmu kullum, ba sa taɓa agogo. Dabarar da na yi ita ce na mayar da agogon laftof ɗina lokacinsu, na huta da lissafi. Ki yi haka kawai.

Usman Linux: Yaya Bashir ya danganta da yadda ka mayar. In yankin lokaci ka canza a saiti, agogon ciki yana nan daidai, nuni ne kawai ya canza. In kuwa da hannu ka murɗa awannin ka bar yankin a Legas, kwamfutar ta yi imani duniya tana wani lokaci daban. Lambobin shiga masu canzawa duk daƙiƙa 30 daga agogo ake lissafa su, in na na'urar da ke fitar da su ya kauce sai a ƙi karɓarsu, wasu shafukan ma su ƙi buɗewa. Ni dai Anti, ki bar laftof ɗinki a lokacin Kano, ki kunna ya riƙa daidaita kansa. Mai sa ido ma in ya ga agogonki ya saɓa da inda kika ce kike, tambaya ce kika jawo wa kanki.

Bashir KL: Da hannu na murɗa gaskiya, kuma ban ga matsala ba. Amma shekarun da nisa, lokacin ba wannan lambobin.

Maman Ilham: Ni nawa a Ingila ne, kuma an ce mu ma za a canza. Ke nan ni ma ranar Lahadin nan?

Malam Nuhu: A'a, naku sai Lahadin ƙarshe ta Maris, 29 ga wata. Yanzu Landan tana bayanmu da awa ɗaya, daga ranar kuma agogonmu da nasu ɗaya ne har ƙarshen Oktoba. Kowa da ranarsa, shi ya sa ba a aron lissafin wani.

Zuwaira: Na tura imel ɗin. To mu dawo kan lasifika. Abin ma ya ɗan yi sauƙi, tunda yanzu awa ɗaya zan yi kafin su fara. Amma daga ɗaya zuwa biyu fa? An ce mana ba a yarda a ji muryar kowa a ɗakin ba, kuma ba a sa abin kunne.

Alhaji Garba Dakata: 'Yata, wannan ba abin wahala ba ne. Ki tura mai gidanki ko yayanki ya sami liman da ladan tun yanzu, cikin ladabi, a roƙe su daren nan ɗaya su rage ta waje ko su juya ta. Mun taɓa yi saboda mara lafiya a layinmu, ba wanda ya ce uffan.

Abba Fanshekara: Baba Alhaji, mara lafiya daban. A goman ƙarshe a je a ce a rage karatu saboda jarabawar Amurka? Wasu unguwannin sai an yi shekara ana ba da labarinka.

Alhaji Garba Dakata: Ku yaran yanzu tsoron tambaya ya yi muku yawa. Malamai sun fi ku sanin haƙƙin maƙwabci.

Dakta Hauwa: Ni na yi irin wannan jarabawar sau huɗu, bari in faɗi abin da na gani. Abin da mai sa ido yake tsoro shi ne wani ya faɗa miki amsa. Ƙara daga nesa ba ita ce ke hana jarabawa ba, sai dai shi bai san karatun Alƙur'ani ba, namiji kawai zai ji yana magana ba ƙaƙƙautawa da yaren da bai sani ba. Sau ɗaya an tsayar da ni ana kiran sallar asuba, ya ce in ɗaga laftof in sake zagaya ɗakin da kyamara, har ƙarƙashin tebur. Ya gamsu, amma agogon jarabawar bai tsaya ba, minti shida suka tafi, kuma da na dawo na manta inda na tsaya a lissafi.

Daga ranar na koyi abu biyu. Ina rubuta wa malamin tun da wuri cewa akwai masallaci kusa da gidana kuma da ƙarfe kaza za a ji sauti daga waje, don maganar ta zauna a rubuce in an zo duba bidiyon daga baya. Sannan da an haɗa ni da mai sa ido, kafin a buɗe tambayoyi, ina sake faɗa masa. Ɗakin kuma ba lallai ɗakinki ba. Ki zaga gidan, ki nemi wanda bango biyu ya raba shi da lasifikar. Ni a sito na taɓa yi, na kwashe buhunan na sa tebur. Ki rufe taga, ki rataya bargo a kanta.

Zuwaira: Dakta, rufe taga a Maris a Kano? Zan dahu.

Injiniya Bello: Nan aikina ya zo. Me kike da shi na wuta?

Zuwaira: Ƙaramar inbata da batir ɗaya, an rubuta 12V 100Ah a jikinsa, ya kai shekara biyu. Akwai janareta ƙarami. Batirin laftof ɗin kansa ba ya wuce minti 40.

Injiniya Bello: To mu lissafa. Sha biyu sau ɗari, wat 1200 na awa ɗaya ke nan in sabo ne, kuma irin wannan batirin rabinsa ake ci in ana so ya yi rai, wato 600. Na shekara biyu ni 400 zan ɗauka. Laftof da kyamara a kunne ki sa masa wat 45, na'urar wayfay 10, ƙwan fitila 10. Jimla 65. Awa nawa? Ba biyu ba. Za ki zauna tun sha ɗaya da rabi, tantancewa tana cin lokaci, kuma in maganar Sani ta tabbata sai uku za ki tashi. Ki ce awa huɗu, 260. Kin tsira da rara.

Yanzu ɗora fankar tsaye mai wat 60. Ya zama 125 sau huɗu, 500. Kin wuce 400, inbata za ta fara kuka wajen biyu da rabi, kukan ma kansa mai sa ido zai ji. Don haka fanka ta fita daga layin. Ki nemi 'yar fanka mai caji ki cika ta da rana, ki ajiye ta gefe ba saitin makirufo ba.

Abin da ya fi cin mutane kuma ba ƙarewar batir ba ne, canjin layi ne. Kina kan Nepa, aka ɗauke, kafin a juya na'urar wayfay ta mutu, sai ta yi minti ɗaya ko biyu tana tashi, bidiyonki ya yanke. Ranar tun sha ɗaya ki ɗora komai a kan inbata, ki cire firji da talabijin da cajar kowa daga layin, ko an kawo wuta kar wanda ya taɓa abin juyawa. Janareta ki bar shi na ko-ta-kwana, da mai a ciki, a tsakar gida nesa da taga. Kar a kuskura a shigo da shi zaure ko kicin don gudun ƙara, gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta wari, kuma tana kisa. Kuma ki sa wani ya kwana a farke don shi, ke ba ki da ikon tashi daga gaban kyamara.

Sani Mai Waya: In wayfay ta ƙi, ta jona da wayarta mana. Datar dare ma ga arha.

Dakta Hauwa: Waya suna sawa a nuna ta a kyamara a ajiye ta inda hannu ba ya kaiwa. Ki haɗa ta da laftof ɗin tun kafin a fara, da layin wani kamfanin daban, ta zauna a caji a bayan ɗaki, don in na farko ya faɗi ki koma kanta ba tare da kin tashi ba. Kuma ki hana kira shigowa, a wasu wayoyin kira ɗaya yana tsayar da data. A azumi kuwa ƙarfe ɗaya na dare sai ƙawa ta kira ki tana tambayar me za ki dafa na sahur.

Injiniya Bello: Datar dare kuma ba zan ɗora jarabawa a kanta ba, tana da iyaka kuma tana da lokacin farawa, ita kuwa tun kafin sha biyu take buƙata. Ta sayi ta wata ta ajiye. Gwajin gudu ma ta yi shi a wannan sa'ar, a wannan ɗakin, ta duba lambar `upload` ba ta `download` ba, tunda bidiyonta ne yake fita. A unguwarmu dai na lura da azumi sabis ɗin tsakar dare ba ya sakewa kamar sauran watanni, kowa idonsa biyu.

Malam Nuhu: Ai tana da gwaji kyauta. Darasin Talata 10 ga wata shi ma sha biyu ne. Ki yi shi a ɗakin da kika zaɓa, a kan inbata, taga a rufe, ki ƙara zama har biyu ki naɗi sautin ɗakin ki saurara.

Maman Ilham: Ba wanda ya yi maganar barci. Mutum ya wuni da azumi, ya cika ciki da shan ruwa, sha biyu ai ido ya fara lumshewa.

Dakta Hauwa: Gaskiya ne, kuma tsarinta na da ba zai yi ba. Da tana kwanciya tara ta tashi sha biyu da rabi, ta sami awa uku da rabi. Yanzu in ta idar da asham wajen tara saura, dole ta tashi sha ɗaya saura kwata, don wanda aka tasa daga barci mai nauyi yakan yi kusan rabin awa kansa bai dawo ba, ga shi lissafi za ta yi. Ni zan ce babban barcin ta yi shi bayan azahar, awa ɗaya da rabi, ta fara tun gobe don jiki ya karɓa. Shan ruwa ta sassauta, dabino da kunu da ɗan abu, tuwon ta bar wa sahur. Ruwan da za ta sha ta sha shi tsakanin magariba da goma, don ba a fita bayi. Shayi ko gahawa kofi ɗaya wajen sha ɗaya, yana ɗaukar kamar rabin awa kafin ya kama. Illarsa, bayan awa biyar rabinsa yana nan a jiki, to kar ta sa ran barci mai daɗi kafin sahur.

Bashir KL: Ni ban yarda da kwanciya bayan asham ba sam. Wanda ya kwanta tara da gajiyar azumi ƙararrawa uku ba za ta tashe shi ba. Ta zauna a farke kawai, sha biyu ba wani dare ba ne a watan nan.

Dakta Hauwa: In ta sami na rana, na yarda da kai. In aiki ya hana ta, gara ta kwanta a sa mutum ya tashe ta.

Zuwaira: Aiki nake zuwa har biyu, amma zan nemi hutun Alhamis ɗin. Na duba gidan, ɗakin ƙanina ne a can baya, sai dai bangonsa cike yake da takardun karatu da hotunan 'yan ƙwallo, an ce kuma bango ya zama wayam. Ya ce zai cire in na biya shi. Fitilar ɗakin kuma a bayana take, fuskata baƙi ƙirin ta fito a kyamara.

Dakta Hauwa: Juya teburin fitilar ta koma gabanki. Fasfo ɗinki ma ki gwada ɗaga shi a wannan hasken ki ga ko sunan yana karantuwa, kuma sunan ya zo daidai da na rajista. Fuska da kunnuwa wasu suna cewa a nuna, in kina so mace ce ta duba ki, yanzu ake nema ba a daren ba.

Zuwaira: Malamin ya amsa. Ga abin da ya rubuto gaba ɗaya: `Yes, 4 pm Pacific.` Bai ce komai a kan `UTC` ɗin da na tambaya ba, bai kuma taɓo maganar masallaci ba.

Sani Mai Waya: Kun gani ko, bai ce ba `PST` ba ne.

Malam Nuhu: Bai kuma maimaita shi ba. Huɗun agogon bangonsa yake nufi, sha biyunki. Maganar masallacin ki sake tura ta ita kaɗai a wani imel ɗin, ki haɗa da ofishin da ke kula da jarabawa, malamai layin farko kawai suke karantawa.

Zuwaira: Zan tura da safe. Sha ɗaya da rabi dai ina kan kujera in sha Allahu, ko ta Sani ce ta fito na ga batir zai kai. Baba Alhaji, mai gidan ya ce zai yi wa ladan maganar bayan sallar Juma'a, amma bai yi alkawarin komai ba. Bari in je, sha biyu da rabi ta kusa, yau ajin yana nan a ɗayansa.